Godiyar Kuɗin Makaranta ga Ɗan'uwan da ke Ƙasar Waje

Kuɗin makaranta ya bambanta da sauran taimakon da dangi ke yi wa juna, domin shi ba ya ƙarewa a karo ɗaya. Gudummawar biki ko ta suna ana bayarwa ne a wuce wurin, amma makarantun firamare da sakandare a Najeriya zango uku suke yi a shekara, ana komawa wajen Satumba, da Janairu, da kuma ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu. A Nijar shekarar karatu kan fara a watan Oktoba. Saboda haka duk godiyar da aka yi a kan kuɗin wannan zango, tana faɗowa ne a gaban zango mai zuwa, kuma wanda ya aiko ya san da haka, wanda ya karɓa ma ya sani. Abin da ke sa wannan godiya wuya ke nan. Kalma ɗaya in ta karkace, sai saƙon ya tashi daga godiya ya koma share fagen buƙata ta gaba, ko da mai maganar bai yi niyyar haka ba.

Kafin a zo ga kalmomin da ake faɗa, yana da kyau a san halin wanda za a faɗa wa. Hausawan da ke aiko da kuɗi gida ba iri ɗaya ba ne. Akwai direba ko tela a Jidda da Makka, akwai ɗan kasuwa a zangon Kumasi ko unguwar Nima a Akara, akwai mai aikin gini a Libiya, akwai ma'aikaciyar jinya a Ingila da ɗalibin da ke haɗa karatu da aikin dare a Amurka. Abin da ya haɗa yawancinsu shi ne, kuɗin da ya yi kauri bayan an canza shi zuwa naira ko sefa, a can daga cikin kuɗin haya da na abinci da na sabunta takardun zama aka yanko shi. Abu na biyu da ya haɗa su shi ne wayarsu. Mutumin da ke waje ya saba da kiran da ke farawa da doguwar gaisuwa, ya bi ta kan yabo, ya ƙare a kan "dama wata 'yar matsala ce". Kunnensa ya riga ya koyi wannan tsari, har ta kai da ya ji yabo ya yi yawa sai ya fara jiran buƙatar da ke biye.

Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. Sana'ar maroƙi a kan haka aka gina ta: kirari da farko, kyauta daga baya, sannan a shelanta abin da aka samu domin na kusa su ji su ma su motsa. Kowa ya taso yana jin wannan salo a gidan biki da ƙofar fada, don haka da zarar godiyar ɗan'uwa ta ɗauki muryarsa, an san inda ta dosa. Maganganu irin su "babu kamarka a duk danginmu" ko "kai ne gatanmu duniya da lahira" suna iya fitowa daga zuciya ɗaya, amma sun yi kama da bambaɗanci, kuma mai sauraro ba shi da hanyar raba su da shi. Godiyar da ba ta kama da roƙo ita ce wadda ta tsaya a kan abin da ya riga ya faru. Tana faɗin abin da ya iso, da inda ya tafi, da abin da ya gyara, ta rufe da addu'a, ba ta leƙa zango mai zuwa ba.

Mataki na farko ba godiya ba ce tukuna, tabbatarwa ce. Kuɗi kan zo ta hanyoyi da dama: ta banki kai tsaye, ko ta kamfanonin aika kuɗi irin su Western Union da MoneyGram, ko a Nijar ta irin su Nita da Al Izza, ko ta hannun ɗan canji, inda mai aikowa zai ba wani riyal a Jidda, abokin hulɗarsa a Wapa ta Kano ya tura naira cikin asusun mai karɓa. Wani lokaci kuma alhaji ne ko ɗan umara ke riƙo saƙon a aljihu. Kowace hanya aka bi, wanda ya aiko hankalinsa ba ya kwanciya sai ya ji ya isa. Saboda haka ranar da alat ya shigo, a ranar ake sanar da shi, ko da da layi biyu ne, kuma a faɗi adadin daidai yadda ya shigo. Wasu na jin kunyar ambaton adadi, suna ganin kamar ƙirga kyauta ne a gaban mai ita, sai su ce "mun ga saƙo" su tsaya. A kyautar hannu da hannu wannan kunya tana da muhalli. A kuɗin da ya ratsa canji ba ta da shi, domin mai aikowa riyal ko fam ya bayar, bai san nawa ya zama ba sai an gaya masa. Da adadin ne zai gane ko ɗan canjin ya yi masa farashin da suka yi, ko an zaftare wani abu a hanya. Tun da aka saki farashin naira a watan Yunin 2023 wannan ya ƙara zama dole, saboda abin da riyal ɗari ya kawo a zangon da ya wuce ba lallai ne shi zai kawo a wannan ba.

In mutum ne ya riƙo kuɗin, akwai haƙƙinsa shi ma. Ana ƙirgawa a gabansa cikin mutunci, a ba shi tukwici gwargwadon hali in ya kasance wanda ake ba, sannan a ambaci sunansa a cikin saƙon da za a tura, cewa wane ya kawo kuma ya cika. Wannan yana wanke ɗan saƙon daga zargi, yana kuma sa gobe a sake amincewa da shi.

Cikakkiyar godiya tana zuwa ne bayan an biya makaranta, kuma bai kamata ta wuce kwana biyu ko uku ba in makarantar a buɗe take. Dalilin jinkirta ta kaɗan shi ne domin ta zo da rasit. Akwai masu ganin tura hoton rasit kamar nuna cewa ba a yarda da juna ba ne, amma wanda ya taɓa aiko da kuɗin makaranta daga baya ya ji an yi gudummawar biki da su ya san darajar wannan 'yar takarda. Turawa tun kafin a tambaya ita ce mutunci. Da zarar an bari mai aikowa ya buɗe baki ya ce "an kuwa biya?", to an sa shi ya yi abin da yake jin nauyin yi, kuma ɗan sanyi ya shiga tsakani. Hoton ya fito da sunan yaron da na makarantar da adadin da kwanan wata sarai, ba a ɗauke shi a duhu rabinsa ya yanke ba.

Misali zai fi bayyana yadda abin yake. A ɗauka wata mata ce a Zariya da mijinta ya rasu, ɗanta na fari yana ajin ƙarshe na sakandare a wata makarantar kuɗi, yayanta kuma direba ne a Jidda. Makaranta ta ce kuɗin zango naira 110,000, rajistar jarrabawar WAEC naira 55,000, darasin yamma na masu shirin jarrabawa naira 20,000, ga littattafai na kusan naira 15,000. Jimla naira 200,000 ke nan. Yayan ya aiko da riyal ta hannun ɗan canji, abin da ya shigo asusunta naira 180,000. Ta biya kuɗin zango da rajista, ta sayi littattafan, kuɗin darasin yamma ya rage.

Ga irin saƙon muryar da ake yawan ji a wannan hali:

"Yaya, wallahi ba mu san da bakin da za mu gode maka ba. Ba mu da kowa sai Allah sai kai. Tun da mahaifinsu ya rasu kowa ya guje mu, ko mai leƙo mu babu. Da ba ka aiko ba da yaron nan yana gida. Ko yanzu ma dai sun ce akwai sauran na darasi, ga ƙanwarsa ita ma an fara maganar nata, ga haya ta kusa, amma dai Allah na nan. Allah ya ƙara maka, ka ci gaba da tunawa da mu."

Ba ƙarya ko ɗaya a cikin wannan saƙo, kuma mai maganar ba ta roƙi komai da baki ba. Duk da haka wanda ya saurare shi bayan ya wuni a kan sitiyari zai ajiye wayar da nauyi a ƙirji. Ba a gaya masa nawa ya shigo ba, ba a gaya masa abin da aka biya ba. An lissafa masa buƙatu uku sababbi, an sanar da shi cewa shi kaɗai ya rage, an kuma rufe da umarni a cikin rigar addu'a. Abin da ya yi ya ɓace a ƙarƙashin abin da bai yi ba tukuna. Kukan cewa sauran dangi sun guje ta ma yana da nasa lahani, domin yana sa yayan a matsayin alƙali tsakaninta da 'yan'uwan da shi ma nasa ne, kuma irin wannan magana ba ta cika tsayawa a waya ɗaya ba.

Ga kuma yadda za ta iya faɗa a kan kuɗi ɗaya da hali ɗaya:

"Salamu alaikum Yaya, ina wuni, ya aiki, ya su Hajiya da yara? Saƙo ya iso shekaranjiya kamar yadda na gaya maka, dubu ɗari da tamanin cif. Jiya na je makarantar da kaina na biya kuɗin zango dubu ɗari da goma, na biya rajistar jarrabawa dubu hamsin da biyar, ragowar dubu goma sha biyar na saya masa littattafan da malamai suka rubuta. Ga rasit nan na turo. Da ka ga ɗan naka da ya ga sunansa a jerin waɗanda aka yi wa rajista, bakinsa har kunne, daren jiya sai da na kashe masa fitila da kaina. Mun gode ƙwarai da wannan ɗawainiya. Allah ya saka da alheri, ya mayar maka da ninkinsa, ya raya maka naka, ya jiƙan su Baba. Zai kira ka ranar Juma'a in ka huta. A gaida Hajiya da kyau."

Saƙon bai kai minti ɗaya ba, kuma ɗuminsa bai gaza na farkon ba. Inda ɗumin ya fito shi ne abin lura. Bai fito daga girman kalmomin yabo ba, ya fito daga ƙaramin abin da ta nuna masa: yaro ya ga sunansa a jeri, yaro ya ƙi kashe fitila. Wanda ke nesa abin da ya fi rasa ke nan, ganin abin da kuɗinsa ya yi da ido. Jimla ɗaya irin wannan ta fi "mun gode" sau goma, saboda ba za a iya faɗa wa kowa ita ba sai shi, kuma ba za a iya maimaita ta a zango mai zuwa ba. Cewa da ta yi "ɗan naka" ma ba ado ba ne. Ta kauce wa kiran sunan ɗan fari kamar yadda kunya ta tanada, ta kuma mayar da yaron nasu su biyu, ta yadda abin ya fita daga sadakar da mai shi ya ba maras shi, ya koma ɗawainiyar kawu a kan ɗansa.

Addu'a ita ce ƙashin bayan godiyar Bahaushe, kuma tana da tushe a addini, domin akwai hadisin da ya haɗa gode wa mutane da gode wa Allah, da wani da ya nuna cewa yi wa mai alheri addu'ar sakayya cikakken yabo ne. Sai dai addu'o'in ba duka ne suke sauka iri ɗaya a kunne ba. Waɗanda suka fi tsabta su ne masu komawa kan mai aikowar da abin da ya dame shi: lafiyarsa, 'ya'yansa, iyayensa da suka riga mu gidan gaskiya, kariya a baƙuwar ƙasa, dawowa gida lafiya. "Allah ya ƙara buɗi" addu'a ce mai kyau da kowa ke yi, amma in aka ɗora mata "domin mu ma mu samu", ko aka jera ta sau uku a saƙo ɗaya, ta fara wari. Haka "Allah ya bar zumunci" tana da daɗi ita kaɗai, amma "kada dai a manta da mu" ba addu'a ba ce. Addu'a uku ko huɗu da aka zaɓa sun isa. Saƙon murya na minti bakwai da aka cika da addu'a har murya na rawa yakan sa mai sauraro ya ji kamar an ɗora masa bashi.

Sauran naira 20,000 da ba ta ambata ba ita ce tambayar da ta fi wuya, kuma amsarta ta dogara ne a kan abin da aka yi tun farko. In yayan cewa ya yi "ga gudummawata", to gudummawa ce, ba a gaya wa mai ita cewa ba ta kai ba. Cikon nata ne ta nema ta wata hanya, ko ta roƙi makaranta ta ɗaga mata ƙafa zuwa ƙarshen wata, abin da makarantun kuɗi da yawa kan yarda da shi ga wanda ya riga ya biya kaso mafi tsoka. In kuwa shi ne ya ɗauki nauyin karatun yaron gaba ɗaya, ya ce a riƙa gaya masa abin da ake nema, to ɓoye masa giɓin ba kara ba ce, domin ranar da aka hana yaron shiga darasi zai ji haushin rashin sani fiye da haushin kuɗin. A nan sai a gaya masa, amma ba a cikin saƙon godiya ba. A bar kwana biyu su wuce, a turo takardar makarantar da ke nuna jimlar, a faɗa a matsayin bayani: canji ya sauka a wannan karon, abin da ya shigo ya gaza lissafin da dubu ashirin, an yi magana da makaranta sun ba da lokaci zuwa rana kaza. A tsaya nan. Ya ji adadi, ya ji wa'adi, ya ji cewa ba a zauna ana jiransa kawai ba, sauran shawara tasa ce.

Akwai kuma inda kuɗin ya iso gidan yana cikin wata larura, rashin lafiya ko abinci ya yanke, aka taɓa shi. Wannan yana faruwa fiye da yadda ake faɗa. Abin da ya fi ɓarna shi ne a yi godiya kamar an biya alhali ba a biya ba, domin rasit ba zai zo ba, kuma yaron da aka koro daga makaranta bakinsa ba ya rufuwa. Kuɗin da aka aiko da sunan makaranta amana ne a kan makaranta. In da hali, a nemi izini kafin a taɓa. In an riga an taɓa, a faɗa da wuri, da adadin da aka ɗauka da ranar da za a mayar, kuma kada a nemi ya cike gurbin.

Wanda ya kamata ya yi godiyar ba mutum ɗaya ba ne. Uwa ko uba su ne na farko, amma yaron da aka biya wa shi ma yana da tasa, in ya kai shekarun magana a waya. Tasa gajera ce: ya gaida kawunsa da ladabi, ya ce ya ga abin da aka yi masa, ya gode, ya faɗi wani abu a kan karatunsa, darasin da yake jin daɗi ko wanda ke ba shi wuya. Abin da iyaye za su ja masa kunne a kai kafin ya ɗauki wayar shi ne kada ya sako maganar waya sabuwa ko takalmin ƙwallo. Yara kan yi haka ba da wata manufa ba, amma daga can ba a iya bambance buƙatar yaro da wadda aka sa shi ya faɗa. Ɗalibin jami'a kuwa shi ne ya kamata ya fara kira da kansa, ba ya bar wa mahaifiyarsa ba.

Al'adar "taya ni godiya" tana da amfani a nan in an yi ta da lissafi. Idan mahaifiyarsu tana raye, ko wani baffa da ake jin maganarsa, gaya masa abin da wane ya yi domin ya sa masa albarka yana da nauyin da godiyar mai karɓa ba ta da shi. Albarkar uwa ga ɗan da ke nesa ba ƙaramin abu ba ce. Amma daga babba ɗaya zuwa zauren dangi na WhatsApp akwai tazara mai yawa. Sanya hoton alat a zauren da ke da mutum arba'in, da rubutun "ku taya mu gode wa Alhaji", yakan jawo wa Alhajin kira biyar kafin gari ya waye, kowa da yaron da aka koro. Yana iya kuma kunyata ɗan'uwan da ke gida wanda bai iya ba da komai ba. Mutane da yawa sun fi son alherinsu ya zauna a rufe, don haka in ana son a faɗa wa wani, a fara tambayar mai shi. Matarsa ma wurin lura ce. In da saninta aka aiko, ambatonta a godiyar wajibi ne, domin daga tukunyarta aka rage. In ba a tabbata ta sani ba, gaisuwa ta isa, kada a kira ta ana zuba godiyar abin da mai yiwuwa yanzu take jin labarinsa.

Inda mai aikowar ƙane ne ko ƙanwa, ko ɗan da aka riƙa ya girma, salon yana ɗan sauyawa. Babba ba ya ƙasƙantar da kai ga ƙaraminsa, kuma yin hakan yana sa ƙaramin jin kunya maimakon daɗi. Godiyar babba sa albarka ce: "Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka." Sai dai sa albarka ba ta ɗauke bayanin adadi da rasit ba, kuma babban kuskuren manya shi ne ɗaukar abin a matsayin haƙƙi, har a ji ana cewa "ai dama aikinka ne". Ko da aikin nasa ne, wanda aka gode wa ya fi wanda aka tuna wa wajibinsa saurin sakewa. Magidancin da ƙanin matarsa ko yayanta ya biya wa ɗansa kuɗi shi ma yakan ji nauyi, ya bar wa matar ta yi magana. Kira ɗaya gajere daga bakinsa, ba tare da dogon bayanin dalilin da ya sa bai iya biya da kansa ba, ya fi shirun mutunci.

Game da lokaci da hanya, saƙon murya ya fi dacewa da yawancin mutane, domin yana ɗauke da muryar mai godiya kuma ba ya tilasta wa mai aiki ya amsa nan take. In kira za a yi, a tuna da bambancin agogo. Saudiyya tana gaban Najeriya da Nijar da awa biyu, Gana tana baya da awa ɗaya, Ingila daidai take da Najeriya a lokacin zafinsu, ta koma baya da awa ɗaya a lokacin sanyi, gabashin Amurka kuwa yana baya da awa biyar ko shida. A kira da katin kai ko datar kai. Yi wa mutum filashin domin ya kira a gode masa abu ne da ba ya buƙatar sharhi.

Godiya ta biyu, wadda mutane da yawa ke mantawa, tana zuwa ne a ƙarshen zango, lokacin da aka ba da sakamako. Hoton katin sakamako da aka tura ba tare da wata magana a gefensa ba shi ne cikon lissafin. A tura shi ko ya yi kyau ko bai yi ba. Wanda ake nuna wa sakamako sai in yaron ya zo na ɗaya zai gane ana tace masa labari, alhali kawun da aka gaya wa cewa lissafi ya ba yaron kashi yakan ji an ɗauke shi uba, har ya kira ya yi masa faɗa da kansa. Wurin taka-tsantsan ɗaya ne: ƙarshen zango yana dab da farkon wani, don haka sakamakon ya tafi ranar da aka karɓo shi, shi kaɗai, kada ya jira takardar kuɗin sabon zango su tafi tare.

Abin da ke faruwa tsakanin zango da zango shi ke yanke hukuncin yadda za a ji godiyar gaba. Mutumin da ba a jin muryarsa sai Satumba da Janairu da Afrilu, duk iya tsara maganarsa, an san kalandarsa. Kiran barka da salla, tambayar jikin yaron da aka ji ba shi da lafiya, zuwa gaida mahaifiyarsa ko surukansa a madadinsa, leƙa ginin da yake yi a gida a turo masa hoto, waɗannan su ne ramuwar da wanda ba shi da riyal zai iya yi. Hausawa sun ce yaba kyauta tukwici, kuma tsarabar gida tana da daraja a wurin na nesa fiye da kuɗinta: yaji, kuka, kuɓewa busasshiya, daddawa, man shanu, ƙuli-ƙuli. Sai dai a tambayi matafiyin abin da ake bari a shiga da shi, domin Ingila da Amurka suna hana shigar da nama a kayan matafiyi daga ƙasashe irin Najeriya, kuma kilishin da aka yi wahalar saye yana iya ƙarewa a hannun jami'an filin jirgi.

Ana iya gane yadda godiya ta sauka daga amsar da ta dawo. In mai aikowa ya ce "ba komai, yi wa kai ne" ya shiga tambayar yaron da labarin gida, saƙon ya isa yadda ake so, kuma ba a buƙatar maimaita godiyar a kowane kira na gaba. In kuwa amsarsa ta fara da bayanin yadda abubuwa suka yi tsada a can, ko albashi bai shigo ba, alhali ba a tambaye shi komai ba, to ya ji roƙo a cikin maganar yana kare kansa tun da wuri. Haka in saƙonni suka fara kwana biyu ba a buɗe ba. Gyaran ba ya cikin rantsuwar cewa ba roƙo ake yi ba, domin ita ma tana ƙara tabbatar da zargin. Gyaran shi ne kira biyu ko uku na gaba su zo su wuce ba a ambaci kuɗi ko makaranta ba.

Wata rana kuma zai ce wannan zangon ba zai iya ba, saboda aiki ya tsaya ko igama ta ƙare ko nasa yaran sun shiga makaranta. Amsar da ta dace gajera ce: an gode da na baya, ba a manta ba, Allah ya warware masa, yaron zai ci gaba da zuwa makaranta da yardar Allah. Ba a jera masa abin da rashin aikowar zai jawo, ba a kuma daina tura masa sakamakon yaron a ƙarshen wannan zangon, ko da wani ne ya biya.